Bakin Magini da Shaidar Bango

Ginin ƙasa ba shi da zanen takarda. Maginin Hausa a ƙasa yake shata gida da ƙafarsa, sauran lissafin kuma yana cikin kansa. Shi ya sa mai son rubuta tarihin gini irin Masallacin Juma'a na Zariya dole ya zauna da tsofaffin magina. Sai dai maganarsu kala uku ce, kuma kowacce da nauyinta.

Mafi ƙarfi ita ce maganar aikin hannu. Dattijon da ya tashi yana miƙa tubali ya san kwana nawa ake barin ƙasa ta ruɓa da ciyawa, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba. A gaban ginin ya kamata a tambaye shi, yana nunawa da hannu. Idan ya ce bakan gizo hawa-hawa ake ɗora shi, a kafa azara, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe kafin a ƙara wata, sai a nemi inda yaɓe ya zube a ƙirga hawan. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kimanin taku shida, don haka ɗaki mai faɗi ba zai rasa wannan dabara a cikinsa ba. In bango ya gaskata baki, shaida ta tsaya.

Ta biyu ita ce maganar lokaci. Tsoho ba zai ba ka shekara ba, zai ce "zamanin sarki wane". Magina sun danganta masallacin ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Jerin sarakuna ya nuna ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, nan ne iyakar abin da za a rubuta. Akwai kuma tarko: ana yi wa ginin ƙasa yaɓe akai-akai, sai gyaran da kakan mai magana ya yi ya rikiɗe ya zama asalin gini. Maganinsa a tambaya: "Baba, da idonku kuka gani, ko wa ya faɗa muku?" Sannan a ji ta bakin wani gidan magina daban, ba a zama ɗaya ba, domin ƙarami ba ya musa babba a gaban jama'a.

Ta uku ita ce almara. Ana cewa da dare Babban Gwani yake aiki shi kaɗai, kuma wani sarki ya sa an kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. A rubuta wannan da sunan abin da ake faɗa. Yana nuna kwarjinin gwani a idon mutane, amma ba ya shiga layi ɗaya da awon bango.