Yaushe Laifin Ɗan Ƙasa Ke Hawa Kan Gwamnati?

A dokar ƙasa da ƙasa, ba a ɗora wa gwamnati alhakin abin da mutane suka aikata don raɗin kansu. Amma akwai inda wannan ƙa'ida ke tsayawa.

Ranar 4 ga Nuwamba 1979, ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, suka yi garkuwa da ma'aikatansa. Kotun Duniya, a hukuncinta na 1980, ta raba lamarin gida biyu. Harin farko ba aikin Iran ba ne, domin babu hujjar cewa hukuma ce ta tura su. Laifinta a nan shi ne naɗe hannu, alhali kare ofishin wajibinta ne.

Daga baya Ayatullahi Khumaini ya ba da umarnin a ci gaba da tsare mutanen har Amurka ta miƙa hamɓararren sarki. Kotun ta ce daga nan ɗaliban sun zama wakilan gwamnati, aikinsu kuma ya zama nata. A ganina ta yi daidai, domin ƙasa ta mayar da tsarewar makamin ciniki.

Sashe na 11 na daftarin Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa na 2001 ya ɗauki wannan ma'auni. Yabo kaɗai bai isa ba, sai gwamnati ta rungumi aikin a matsayin nata.