Mafarkin tuƙa motar da birkinta ya shanye: me yake nunawa?

Mutane da dama sukan yi mafarkin suna tuƙa mota a gangara, su taka birki ya ƙi ci, motar ta ci gaba da gudu har su farka a firgice zuciya na bugawa. Har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba yakan yi shi. A likitance, wannan mafarki ba hasashen haɗari ba ne. Galibi yana nuna cewa mai shi yana jin wani al'amari na rayuwarsa yana gudu, ya kuma kasa tsayar da shi.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Mafarkai masu kama da gaske sun fi zuwa a wani matakin barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda aka gano a Jami'ar Chicago a 1953. Matakin yana dawowa kusan duk bayan minti 90, kuma ya fi tsawo gab da asuba. A lokacin, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana aiki sosai, sashen gaba mai auna hankali kuwa aikinsa ya ragu. Haka kuma ƙwaƙwalwa tana sassauta tsokokin hannu da ƙafa don kada mai barci ya aikata abin da yake gani. Wasu masana na ganin wannan na iya zama dalilin da ƙafa ke yin nauyi a mafarki, birki ya ƙi takuwa.

Alaƙarsa da damuwar rana

Binciken mafarki ya nuna cewa abin da ya dami mutum da rana shi ya fi biyo shi cikin barci, sai dai yakan sauya kama. Ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bashi, ranar biya ta matso, ga kuɗin makarantar yara. Duk dare yana kwanciya da lissafi, yana barcin awa huɗu kacal. Ƙarancin barcin nan yakan sa matakin mafarki ya ƙaru ya kuma tsananta a daren da ya samu ya yi barci sosai, sai ya ga kansa a motar da ta ƙi tsayawa. Tambayar da ta dace da shi ita ce: wane abu ne nake ƙoƙarin dakatarwa ya fi ƙarfina? Amsar takan bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa babu fassara guda da ta hau kowa.

Yadda ake rage shi

Akwai hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke koyarwa, wato sauya mafarkin da maimaita shi a farke. Da rana, ba da dare ba, ka rubuta mafarkin a taƙaice. Sannan ka canza shi yadda kake so: misali ka sauko da giya, hanya ta miƙe, motar ta tsaya a gefen titi. Ka rufe ido ka riƙa hango sabon labarin na minti 10 zuwa 20 kullum. Da yawa sukan ga sauƙi cikin 'yan makonni.

A haɗa da gyara barci zuwa awa bakwai ko fiye, da barin goro da kofi da shayi mai ƙarfi daga la'asar. Ɗan kasuwar can kuma ya rubuta basukan da rana, ya ware wanda zai iya tattaunawa a kansa gobe, domin matakin da mutum ya ɗauka a farke yana rage jin cewa komai ya kuɓuce masa.

Yaushe za a ga likita?

A je asibiti idan mafarkin yana zuwa duk mako, yana sa tsoron kwanciya ko kasa aiki da rana. Haka nan idan ya fara bayan haɗarin mota na gaske, ya wuce wata guda, tare da firgita da gudun shiga mota, domin wannan na iya zama ciwon firgici bayan tashin hankali, kuma yana da magani.

Wasu magunguna, kamar furofanolol na hawan jini, suna kawo munanan mafarkai, haka ma daina shan giya ko wasu magungunan ciwon damuwa farat ɗaya. Kada a daina magani sai da shawarar likita. Wanda ke naushi ko harbin iska a cikin barci, ko yake minshari da sarƙewar numfashi, shi ma yana buƙatar gwaji. Direban da ke gyangyaɗi da rana saboda rashin barci kuwa, ya dakata da tuƙi har a duba shi.