Yadda ake gyara hoton rasit kafin na'ura ta karanta shi

Rasit ɗin da ya kwana a aljihu ba ya fitowa kamar yadda ya shiga. Ya cukuikuye, ya ninku gida huɗu, rubutunsa ya fara dushewa. Duk da haka mutum yana iya miƙar da shi ya karanta, domin ido ya saba cike gibi. Manhajar da ke mayar da hoton rubutu ya zama haruffa da lambobi, wadda ake gani a waya da sunan OCR, ba ta da wannan sabon. Ita tana jiran layuka a miƙe ne, baƙin rubutu a kan farar takarda. Shi ya sa ake yi wa hoton gyara uku kafin a miƙa mata: a daidaita karkata, a cire inuwa, a shafe alamun ninki.

Mu ɗauki rasit na kantin kayan masarufi, mai faɗin milimita 80, wanda ya fi na masu POS faɗi, domin nasu yawanci 58 ne. Abu uku aka saya: shinkafa ta naira 12,500, man girki na 3,800, sukari na 2,700, jimilla 19,000. An ajiye shi a kan tebur, an ɗauke shi hoto da waya da hannu ɗaya.

Matsala ta farko ita ce karkata, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa daga yadda aka riƙe wayar: idan ba ta fuskanci takardar sosai ba, gefen da ke kusa da kyamara zai fito da faɗi, na nesa ya tsuke. Manhaja tana gyara wannan ta hanyar nemo kusurwoyi huɗu na takardar, sannan ta ja su zuwa kusurwoyin murabba'i mai dari. Masu rubuta manhaja da OpenCV suna yin haka da umarnin `warpPerspective`. Inda ake samun cikas shi ne wajen gano kusurwoyin. Farin rasit a kan farin tebur ba shi da iyakar da za a gani, haka ma idan yatsa ya rufe kusurwa ɗaya ko ta lanƙwashe. Alamar an yi kuskure ita ce haruffa su fito a miƙe a sama amma a jirkice a ƙasa, ko a yanke gefen da farashi yake.

Ɗaya karkatar kuwa ta juyawa ce, wato takardar ta ɗan kwanta gefe. Digiri 3 ba ya ɗaukar ido, amma a rasit yana ɓarna. Rubutun yana cin kusan milimita 72 na faɗin takardar, kuma tsakanin layi da layi kusan milimita 4 ne. Idan aka karkata da digiri 3, ƙarshen layi zai sauka da kusan milimita 4 ɗin nan daidai. Da yake sunan kaya yana hagu, farashi yana can dama, tsakaninsu fili, sai a iya jingina wa man girki kuɗin shinkafa, alhali kowace lamba an karanta ta daidai. Maganinsa shi ne manhaja ta riƙa juya hoton kaɗan-kaɗan tana ƙirga baƙin da ke kowane jeri. Inda jerin rubutu ya fi baƙi, tsakanin layuka kuma ya fi fari, nan ne takardar ta miƙe.

Sai inuwa, wadda galibi ta wayar ce ko ta hannun mai ɗaukar hoton. A hoton da aka cire wa launi, kowane ɗigo yana da lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Tsohuwar hanya ita ce a zaɓi iyaka guda ga hoton duka, abin da ya gaza ta ya zama baƙi, abin da ya haura ya zama fari. Dabarar da Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979 tana zaɓar wannan iyakar da kanta. Tana aiki idan haske ya bazu daidai. A rasit ɗinmu, a ce takarda a cikin haske tana 220, rubutun da ya dushe a kanta yana 130. A cikin inuwa kuma takardar ta sauko 110, rubutun 65. Ka ga takardar da ke inuwa ta fi rubutun da ke haske duhu. Idan aka sa iyaka a 120, rubutun sama zai ɓace, ƙasan rasit ya zama baƙin tabo. Babu lamba guda da za ta raba gardamar.

Abin da ake yi shi ne a ƙiyasta yadda takardar za ta kasance in babu rubutu. Ana faɗaɗa farin da ke kewaye da haruffa har ya haɗiye su, a daddaɓe hoton, sai a samu taswirar haske da inuwa kaɗai. Daga nan a raba lambar kowane ɗigo da ta taswirar. Rubutun haske, 130 a raba da 220, ya ba da kusan 0.59, na inuwa, 65 a raba da 110, shi ma 0.59, takarda kuwa ko'ina 1. Inuwa ta tafi ke nan. Wata hanyar ita ce kowane ɗan yanki ya samu iyakarsa daga maƙwabtansa, kamar dabarar Sauvola ta shekarar 2000. A nan girman yankin shi ne sirrin: in ya yi ƙanƙanta, manyan haruffan sunan kanti za su fito da rami a ciki, in ya yi girma, bakin inuwa zai bar baƙin zane.

Ninki shi ne mai wuya, domin ɓarna biyu yake yi. Yana lanƙwasa layukan rubutu, yana kuma barin siririn zane mai duhu. Lanƙwasar tana gyaruwa: manhaja tana bin kowane layi, ta auna inda ya hau da inda ya sauka, ta miƙar da hoton yanki-yanki. Zanen ne ke da taurin kai, saboda kaurinsa kusan ɗaya da na sandar harafi, don haka cire inuwa ba ya taɓa shi. In an bar shi, yana iya zama 1 a tsakiyar farashi. In an goge shi da ƙarfi, yana tafiya da wani ɓangare na lambar da ya ratsa. Ga shi rubutun takardar rasit ba tawada ba ne, wani sinadari ne a fuskarta da zafi ke baƙantawa, kuma yakan goge a kan ninki. Abin da ya goge babu lissafin da zai dawo da shi.

A rasit ɗinmu, a ce ninki ya bi ta gefen hagu na lambar 8, man girki ya koma 3,300. Manhaja mai kyau tana haɗa farashin: 12,500 da 3,300 da 2,700 sun ba da 18,500, jimillar da aka buga kuwa 19,000 ce. Gibin 500 yana nuna inda za a duba, sai ta nemi mutum ya tabbatar.

Rabin wahalar nan ana iya kauce mata tun wajen ɗaukar hoto. A miƙar da rasit da hannu, ko a danne shi cikin littafi, amma kada a kai masa dutsen guga, domin zafi zai baƙanta shi gaba ɗaya. A ɗora shi a kan abu mai duhu, a inda haske ya bazu, ba tare da kunna fitilar waya ba, saboda takardar tana sheƙi. A matso har ya cika faɗin hoton. Kusan ɗigo 950 a faɗin milimita 80 shi ne daidai da ɗigo 300 a kowane inci da ake so ga manhaja irin Tesseract. Idan rasit ɗin dogo ne, gara a ɗauke shi kashi biyu da a ja baya har lambobin su ƙanƙance.