Tebur ɗaya, rana-rana: yadda lodin dare ke ƙarewa kafin asuba

Duk lokacin da mai POS a cikin garin Tsanyawa ya saka kati ya miƙa wa manomi kuɗin takinsa, layi ɗaya ne aka rubuta a wata na'ura mai nisa: lambar wakili, adadin kuɗi, rana da lokaci. Da dare ya raba, sai a kwashe cinikin yinin a zuba shi a wani babban tebur, wanda daga shi ake fitar da rahoto da lissafin ladan wakilai. Wannan tebur shi za mu duba a shirin yau. Ra'ayina shi ne, teburin da bayanai ke shigarsa rana-rana kuma suke barinsa rana-rana, a raba shi kashi-kashi bisa kwanan wata tun yana ƙarami, kada a jira sai ya fara nishi.

Mu ƙaddara wani kamfani ne da wakilansa ke yin ciniki miliyan 2 a kullum, kuma yana son rahoton shekara biyu ya kasance a kusa. Kwana 730 ke nan, layi biliyan 1 da miliyan 460 a tebur guda. Kowane dare dole a shigar da miliyan 2 sababbi, a fitar da miliyan 2 mafi tsufa. A manhajar PostgreSQL, umarnin `DELETE` ba ya cire layi nan take. Alama yake sa masa cewa ya mutu, ya kuma rubuta hakan a kundin da ake dogaro da shi idan na'ura ta faɗi. Sai daga baya aikin `VACUUM` ya biyo, ya share matattun layukan daga tebur da kowace fihirisa da ke kansa. Ko bayan sharar, yawanci fayil ɗin ba ya raguwa, gurbi kawai ake samu a cikinsa. Shigar da sababbin ma ba ta tsira ba, domin fihirisar da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura sai an yi ta komawa faifai kafin a sami inda kowane layi zai zauna. Alamomin a bayyane suke: lodin da yake ƙarewa tsakar dare ya soma kaiwa asuba, alhali yawan cinikin bai ƙaru ba, faifai kuma yana ta cika duk da ana ta gogewa.

To me rabawar ke canzawa? Kamar mai shago ne da ke rubuta bashin kowane wata a littafinsa daban: in wata ya wuce an biya, littafin yake ɗaukewa, ba ya bin shafuka yana kankare suna ɗaya-ɗaya. Tun fitowa ta 10 a shekarar 2017, PostgreSQL ta ba da damar a ce wa tebur `PARTITION BY RANGE` a kan ranar ciniki. Mai neman rahoto tebur ɗaya yake gani, amma a ƙasa kowace rana teburinta daban, da fihirisarta. Lodin daren 14 ga wata sai ya koma haka: a buɗe sabon tebur a gefe, a zuba masa layuka miliyan 2 ba tare da fihirisa ba, a gina fihirisar sau ɗaya bayan an gama, a duba ko jimillar kuɗi ta yi daidai da ta inda aka kwaso, sannan a haɗa shi da uwar tebur da `ATTACH PARTITION`. Idan tun farko an sa masa sharaɗin `CHECK` mai tabbatar da cewa duk layukansa na ranar 14 ne, manhajar ba za ta sake bin su ɗaya-ɗaya ba kafin ta karɓe shi. Wuta ta ɗauke ana tsakar lodi? A zubar da teburin gefen a sake, babu rabin yini da ya shiga rahoto. Ranar da ta cika kwana 730 kuwa, `DROP TABLE` ya ɗauke ta cikin ƙiftawa, gurbinta a faifai ya dawo nan take, kuma babu mataccen layi da za a share.

Masu aikin lafiya sun daɗe suna cin moriyar wannan tsari. DHIS2, manhajar da aka gina a Jami'ar Oslo wadda Najeriya ke tattara rahoton wata-wata na asibitoci da ita, tana raba teburan nazarinta shekara-shekara. Shekara ta ishe ta domin alƙalumanta jimillar wata ce. Girman kashi yana bin yadda bayanan ke shiga da fita ne, ba ra'ayin mai ginawa ba.

Wani zai ce, ai doka ta wajabta wa masu hada-hadar kuɗi su ajiye bayanan ciniki aƙalla shekara biyar, ina maganar gogewa? Gaskiya ne, kuma shi ya sa aka yi `DETACH PARTITION`. Ana cire tsohuwar ranar daga uwar tebur ba tare da an hallaka ta ba, a matse ta a kai ma'aji mai araha, inda za a same ta cif idan mai bincike ya nema. Wani kuma zai ce fihirisa a kan kwanan wata ta wadatar. Fihirisa tana saurin nemo layukan da za a goge, amma ba ta rage aikin goge su ko kaɗan.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne rabawa tana da nata farashi, kuma ban musa ba. Tambayar da ba ta ambaci rana ba, misali a nemo ciniki da lambarsa kawai, sai ta leƙa kashi 730 duka. Umarnin `EXPLAIN` yana nuna kashi nawa aka buɗe, kuma rahoton mako ɗaya da ya buɗe fiye da bakwai yana da matsala a rubutunsa. Sannan manhajar ba ta iya hana lambar ciniki maimaituwa a faɗin teburin sai an haɗa ta da ranar. Shi ya sa teburin ƙungiyar manoma mai layi dubu ɗari ba ya buƙatar wannan wahala.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen zaɓar ranar. Akwai ranar da aka yi cinikin, akwai ranar da labarinsa ya iso. An cire wa mutum kuɗi ranar Litinin, na'ura ta ce bai wuce ba, gyaran bai zo ba sai Laraba. Idan an raba bisa ranar isowa, lodi ya yi sauƙi, amma rahoton Litinin sai ya bi kashi da yawa yana tsinta. A ganina a raba bisa ranar ciniki, a kuma yarda cewa kwanakin baya-bayan nan ba su rufu ba: kowane dare a sake gina kashin kwana uku ko bakwai da suka wuce, gwargwadon yadda gyare-gyare ke jinkiri, a musanya su da tsofaffin. Sai kuma agogo. Najeriya tana gaban agogon UTC da awa ɗaya, sabar da yawa kuma da shi suke aiki. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare a Tsanyawa, 11:30 ne na jiya a wurin irin wannan sabar, sai ya faɗa kashin jiya. Idan jimillar wata tana kusan daidai amma ta kowace rana tana saɓa wa littafin wakili da 'yan kuɗi kaɗan, a fara duba iyakar kashin: a agogon wa aka yanka tsakar dare?