Daga rubutun na'ura zuwa gajeren rahoton taro: neman hukunci da mai alhakinsa

Gabatarwa

Tun fitowar manhajar Whisper a 2022, mai da magana rubutu ya yi sauƙi, har an fara ɗaukar taron malamai da wayar salula a ba na'ura ta rubuta. Sai dai abin da take bayarwa ɗanyen zance ne. Rahoton taro kuwa tambayoyi uku yake amsawa: me aka yanke, wa zai yi, yaushe. Cikin wannan ɗan nazari za mu duba inda rubutacciyar Hausa ke ɓoye amsoshin nan, da yadda sakatare zai tono su.

1. Misalin aiki

Mu ɗauka sashe ya yi taro ran Talata, 4 ga wata, na'ura ta ba da wannan:

```
[41:10] SPEAKER_01: jarabawar a kai ta sati mai zuwa alhamis
[41:18] SPEAKER_02: malam ya kawo jerin dalibai
[41:25] SPEAKER_01: sai a sanar da su kudin takarda jikka goma
[41:40] SPEAKER_01: na ji da shi
```

Aikin farko shi ne tankaɗe. Sakatare ba zai gyara rubutun duka ba. Zai bi shi yana sa alama inda aka rufe magana, watau wajen kalmomi kamar «to», «shi ke nan», «mun amince», «za a», «sai a». Waɗannan wuraren kaɗai zai koma ya saurara, bisa lambar minti da ke gefe.

2. Karin sauti da tsawon wasali

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, na'ura ma haka take rubutawa. Saboda haka «malam ya kawo jerin ɗalibai» na da fuska biyu a nan. In «ya» doguwa ce mai sautin sama, an riga an kawo jerin, labari ne kawai. In gajeruwa ce mai sautin ƙasa, umurni ne, aiki ya hau kan malam ke nan. Haka «ta» take. Jam'i bai da wannan matsala, tun da «sun kawo» ta bambanta da «su kawo». Ƙa'idar ita ce: duk «ya» ko «ta» da ta zo kusa da hukunci, sai an ji ta da kunne. A misalinmu saurare ya nuna umurni ne, kuma malamin da ke kula da shekara ta biyu ake nufi.

3. Wakilin suna «a»

«Sai a sanar da su» hukunci ne marar mai shi. Ladabi ke sa shugaba ya faɗi haka, don kada ya nuna abokin aiki da yatsa, amma in rahoto ya kwafe jimlar yadda take, kowa zai zaci wani ne zai yi. Sakatare zai nemi wanda ya karɓa a layukan gaba. Nan ma akwai tarko: na'ura ta jingina «na ji da shi» ga SPEAKER_01, alhali muryar ma'aji ce. Gajeren furuci da ya biyo bayan na wani ba tsaiko yakan faɗa ƙarƙashin lambar da ba tasa ba. Saurare ya kuma nuna cewa kuɗin ma'aji ya karɓa, sanarwar kuwa ba wanda ya ɗauka. Sakatare bai da ikon naɗa kowa; zai rubuta «ba a ba kowa ba», ya tambayi shugaban sashe kafin a raba takarda.

4. Kuɗi da ranaku

«Jikka goma» sefa 10.000 ne, kamar yadda «dala ɗari» take sefa 500, tun da dala guda sefa 5 ce. A rubuta adadin da sefa, a kuma gwada shi da takardar ma'aji. «Alhamis ta sati mai zuwa» ita ma a mai da ta 13 ga wata, don mai karatu bayan kwana goma zai lissafa daga ranar da ya karanta.

5. Sakamako

Hukunci: an ɗage jarabawa zuwa Alhamis, 13 ga wata.
Aiki na 1: kawo jerin ɗalibai. Malamin shekara ta biyu. Ba a sa rana ba.
Aiki na 2: fitar da sefa 10.000 na takarda. Ma'aji. Kafin 13 ga wata.
Aiki na 3: sanar da ɗalibai. Ba a ba kowa ba.

Kammalawa

Kowane aiki ya samu layinsa, da aikatau a farko, da mutum guda mai alhaki. Ko kwamiti aka ba, a rubuta shugabansa. Giɓi biyun da suka fito a sama kada a cike su da zato, don su ne abin da shugaba zai fara warwarewa. A aika wa mahalarta daftarin cikin kwana biyu, tun ba su manta ba, kuma a adana muryar har sai taro na gaba ya amince da rahoton.