An Ce An Adana, Amma Tsohon Farashi Na Nan

A ce mai shago ya buɗe manhajar kasuwancinsa, ya ɗaga farashin buhun shinkafa daga naira 70,000 zuwa 75,000, ya danna maɓallin adanawa. Manhaja ta ce an adana. Da shafin ya sake buɗewa, sai ga 70,000 na nan daram. Bayan daƙiƙa biyar ya leƙa, ya tarar da 75,000. Babu abin da ya ɓata. An dai tambayi wanda labari bai iso wa ba tukuna.

Manhajar da jama'a suka yi wa yawa takan raba aiki. Akwai babban rumbun bayanai, wanda shi kaɗai ake rubutu a cikinsa, akwai kuma kwafinsa a wata na'ura, wanda ake tura masu karatu gare shi don a rage wa babban nauyi. A rumbun PostgreSQL, kowane canji yana shiga wani kundi mai suna WAL. Ana aika kundin ga kwafi, shi kuma ya karɓa, ya ajiye, sannan ya aiwatar da canje-canjen bi da bi. In ba a sauya saiti ba, babban rumbu ba ya jiran kwafi kafin ya ce an adana. A wannan tazarar mai shagonmu ya faɗa.

Yawanci tazarar ba ta kai daƙiƙa ɗaya. Tana buɗewa ne idan aka sauya miliyoyin layuka a lokaci guda, ko hanyar sadarwa ta cushe. Wani sanadin ya fi ɓuya: wani ya nemi dogon rahoton ciniki daga kwafin, canjin da ya iso kuma zai share bayanan da rahoton ke karantawa. Sai kwafi ya dakata, har daƙiƙa 30 bisa saitin asali na `max_standby_streaming_delay`, duk canjin da ke baya ya tsaya a layi, har da farashin shinkafa.

Injiniya yana ganin jinkirin daga babban rumbu:

```
SELECT application_name, replay_lag
FROM pg_stat_replication;
```

A ganina, ƙoƙarin kashe jinkirin baki ɗaya wahala ce mai tsada. Ana iya tilasta wa babban rumbu ya jira kwafi ya aiwatar, amma kowane rubutu zai yi nawa. Abin da ya fi shi ne a tabbatar mutum ya ga abin da ya rubuta da hannunsa. Bayan adanawa, manhaja ta riƙe lambar inda WAL ya kai, ta hanyar `pg_current_wal_lsn()`. Kafin karatu, ta tambayi kwafi inda ya kai da `pg_last_wal_replay_lsn()`. In bai cim ma lambar ba, a karanto daga babban rumbu. Mai saye zai iya jure ganin tsohon hoton kaya na ɗan lokaci, amma ragowar kuɗin asusu da adadin buhunan da suka rage, daga babban rumbu ya kamata a karanta su.