Birij: Inda Sauri Ya Fi Yawan Kati

A teburin birij, wasan kartar da Ba'amurke Harold Vanderbilt ya tsara lissafinsa na zamani a 1925, mutum huɗu ne ke zama, biyu suna adawa da biyu, kowa da kati 13. A kowane zagaye kowa ya ajiye kati ɗaya, mafi girma ya kwashe. Wannan shi ne ci ɗaya. Akwai alkawarin da ake ɗauka ba tare da gidan yanka ba, wato babu gidan da ƙaramin katinsa zai kayar da babban katin wani gida. Wanda ’yan wasa suka fi ɗauka a cikinsu shi ne 3NT, alkawarin kawo ci tara cikin 13.

Da abokin hamayya ya jefa katin farko, abokin mai alkawari zai shimfiɗa nasa a tebur, shi kuma mai alkawari ya buga hannuwan biyu. Gwanaye ba sa taɓa kati a wannan lokaci sai sun yi ƙidaya.

Ga misali. A tebur akwai ♠ 7 4, ♥ K J 5, ♦ Q J 10 9 6, ♣ J 10 3. Mai alkawari yana riƙe da ♠ A K, ♥ A Q 8 2, ♦ 8 5 3, ♣ K Q 6 4. Na hagunsa ya buɗe da ♠ Q.

Abin da ake fara ƙirgawa shi ne cin da ke hannu, wanda za a kwashe ba tare da an sakar wa abokan hamayya jifa ba. Gidan ♠ ya ba da biyu. Gidan ♥ ya ba da huɗu, tun da A, K, Q da J duk suna nan, kuma hannu ɗaya yana da kati huɗu. Gidan ♦ da na ♣ ba su ba da komai ba tukuna, domin A ɗinsu na wajen abokan hamayya, ko da kuwa K da Q suna ɗaukar ido. Shida ke nan, saura uku.

Idon sabon shiga kan faɗa kan ♦, gidan da ya fi tsawo, kati takwas tsakanin hannuwan biyu. Lissafinsa ma daidai ne, don idan A da K suka fita, ci uku ne tabbas. Matsalar ita ce sai an saki jifa sau biyu kafin a kai ga hakan, ga shi kuma abokan hamayya suna riƙe da ♠ tara, ke nan ɗayansu yana da aƙalla biyar. An kashe A a zagayen farko. Da sun ci ♦ na farko za su sake jefo ♠, K ya tafi. Da sun ci na biyu babu sauran mai tare musu ƙofa, sai su kwashe ♠ uku a jere. Biyu da uku biyar, alkawari ya rushe, ga ♣ A ma yana jira.

Gidan ♣ kati bakwai ne kawai, amma mai gadi ɗaya ke tsaye a gabansa. Tsakanin hannuwan biyu akwai K, Q, J da 10, A kaɗai ya ɓace. A zagaye na biyu mai alkawari ya jefa ♣ 4 zuwa J na tebur, ya bi da 10, har A ya fito. Su dawo da ♠, ya ci da K, yanzu tara sun cika: ♠ biyu, ♥ huɗu, ♣ uku.

Akwai dalilin fara buga manyan katin hannun da ya fi gajarta. Idan aka fara da K da Q, zagaye na uku zai ƙare a tebur, kuma manya biyu za su iya faɗuwa a zagaye ɗaya a yi asarar ci. Haka abin yake a ♥: K da J tukuna, sannan 5 zuwa A da Q. Kuma bai kamata a yi gaggawar kwashe ♥ kafin a fitar da ♣ A ba, domin su ne hanyar shiga daga wannan hannu zuwa wancan.

Ba kullum zaɓi ke fitowa fili haka ba. Wani lokaci ci ɗaya ya rage, hanya biyu ke akwai. Ko dai a jefa ƙaramin kati zuwa A Q da fatan K yana hannun wanda zai buga kafinsu, wanda rabi da rabi ne, ko a dogara da yadda dogon gida zai rabu. Idan kati biyar suka ɓace, rabuwarsu uku da biyu tana zuwa kusan kashi 68 cikin 100, ta fi wancan fatan. Idan shida ne, rabuwa uku da uku kusan kashi 36 ce kawai, fatan K ya fi ta.

A misalin na sama, da na hagu ya buɗe da ♥ maimakon ♠, da A da K na ♠ suna nan daram, kowanne ya tare farmaki ɗaya, gidan ♦ ma ya isa ya kawo ci taran.